Logo Ya Kammala, Me Za a Rubuta a Ƙasan Hoton?

Idan kana yawan duba Facebook ko Instagram, ko kana buɗe abin da mutane ke ɗorawa a WhatsApp, da wuya a wuni ba ka ci karo da aikin wani matashi mai zane ba. Za ka ga logo mai kyau an ɗora shi a jikin hoton bango mai sheƙi, ko a kan katin kasuwanci, launuka sun zauna daram. Sai ka duba ƙasan hoton ka tarar da kalmomi huɗu ko biyar: "Alhamdulillah, wani aikin ya kammala." Daga nan sai jerin alamomin # har layi biyar. Abokai su yi ta sa albarka, 'yan'uwansa masu zane su yaba masa, kwana biyu maganar ta wuce. Wayarsa kuwa shiru, babu wanda ya kira ya ce a yi masa irinsa.

Wannan abu yana damuna, domin na san irin wahalar da ke cikin aikin. Mai zanen da ke zaman kansa, wanda ba ya ƙarƙashin wani kamfani, ba shi da albashi, ba shi da mai yi masa talla. Shi ne mai zane, shi ne ɗan kasuwa, shi ne mai karɓar kuɗi. Zai kwashe mako guda yana fama da logo ɗaya tsakanin ɗaukewar wuta da ƙarewar data, amma rubutun da zai jawo masa aiki na gaba sai ya yi shi cikin daƙiƙa goma. Alhali wannan ɗan rubutun shi ne bakin shagonsa. Hoto yana nuna cewa hannunka ya iya. Rubutun shi ke gaya wa mai kasuwa cewa ka fahimci irin matsalarsa, kuma ya nuna masa ƙofar da zai biyo ya same ka.

Wa ake yi wa magana?

Tushen kuskuren yana wuri guda. Yawancin masu zane suna yi wa 'yan'uwansu masu zane rubutu ne ba tare da sun sani ba. Za ka ga an lissafa manhajar da aka yi aiki da ita, CorelDRAW ce ko Adobe Illustrator, an ambaci sunan salon haruffa, an kawo lambobin launi. Duk wannan yana burge abokin sana'a, amma abokin sana'a ba zai ba ka aikin logo ba, domin shi ma abin da yake sayarwa ke nan.

Mai ba ka aiki shi ne mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ko matar da ke yin yaji da daddawa a cikin gida tana aikawa garuruwa, ko malamin da ya buɗe makarantar Islamiyya yana son bajo a jikin rigar ɗalibai. Waɗannan mutane ba ruwansu da sunan manhaja. Abin da ke ransu tambayoyi ne guda huɗu. Wannan yaron zai gane irin kasuwata? Me zai miƙo min idan ya gama? Nawa ne, kuma kwana nawa? Ta ina zan same shi? Duk rubutun da ya amsa waɗannan huɗun ya yi aikinsa, ko da layi takwas ne. Wanda bai amsa su ba kuwa, ko ya cika shafi, ado ne kawai.

Domin maganar ta fito fili, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wata Hajiya ce a Kano mai sana'ar turaren wuta da humra. Ta shekara biyar tana yi, tana da kwastomomi, amma kwalabenta ba su da wata alama sai sitika mai ɗauke da hoton fure da aka ciro daga intanet da lambar waya. A cikin sunan kasuwancinta akwai kalmar "ƙamshi". Ta nemi wani matashi ya zana mata logo. Ya yi, ta karɓa, ta biya. Yanzu yana son ya nuna aikin ya samu wasu.

Layin farko

Instagram yana barin mutum ya rubuta har haruffa 2,200 a ƙasan hoto, amma ba duka yake nunawa ba. Wajen haruffa 125 na farko ne ke fitowa, sai ya yanke ya sa kalmar "more", wadda sai an taɓa ta sauran ke buɗewa. Facebook ma yana yanke dogon rubutu kamar haka. Ma'ana, layi ɗaya zuwa biyu ne kawai kake da tabbacin ido zai sauka a kansu. Idan ka cika su da gaisuwa da godiya da sunan kamfaninka, ka ɓatar da wurin da ya fi ko'ina tsada.

Ba wai godiya ga Allah laifi ba ce, kuma ba wanda zai ce Bahaushe ya bar sallama. Wurin da za a ajiye su ne abin dubawa. Godiya tana iya zuwa a ƙarshe, kuma a can ta fi daɗin ji, bayan mai karatu ya san abin da ake godiya a kai. Layin farko aikinsa ya tsayar da yatsan mai irin wannan kasuwar. Hanyar yin haka ita ce a ambaci wani abu da ya sani a cikin sana'arsa. Matashin namu zai iya farawa da cewa: "Kwalbar humra ba ta fi tsawon yatsa ba. Ga logon da muka zana wa mai turare a Kano, ana karanta shi ko a kan murfi."

Wannan bai kai haruffa 125 ba, kuma dubi abin da ya ɗauko. Ya faɗi irin kasuwancin, ya faɗi gari, ya faɗi matsalar da aka warware. Duk mai sayar da turare, ko man shafawa, ko zuma, ko yaji a ƙananan robobi, ta san zafin a buga mata sitika rubutun ya cakuɗe ba a iya karantawa. Da ta ga wannan layi, za ta ji kamar da ita ake. Ita ce za ta taɓa "more".

Labarin aikin

Bayan layin farko sai labarin aikin, kuma nan ne mai zane ya fi samun damar bambanta kansa da sauran. Logo masu kyau sun cika gari. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zanen da zai iya faɗin dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi. Labarin ba ya buƙatar tsawo. Jimla uku zuwa biyar sun isa: me kwastoma ta zo da shi, wace shawara aka yanke, kuma don me.

A aikin Hajiya mai turare, shawarwari uku ne suka cancanci a faɗe su. Na farko, ta zo tana son a sa kasko da hayaƙi da fure da kambun sarauta duk a cikin logo guda. Matashin ya buga mata gwaji a takarda, faɗin santimita biyu, daidai girman murfin kwalbarta, sai ta gani da idonta cewa abubuwa huɗu a wannan ɗan wuri sun zama dunƙulen tawada. Gani ya kori ji. Suka tsaya a kan abu ɗaya, wato layin hayaƙi guda da ya tashi ya lanƙwasa ya zama harafin farko na sunanta.

Na biyu shi ne harafin ƙ. Salon haruffa da yawa da ake samu a kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, saboda ba don Hausa aka yi su ba. Idan ka rubuta "ƙamshi" da irin waɗannan, ko dai harafin ya fito a matsayin ɗan akwati fanko, ko kwamfuta ta aro shi daga wani salon daban ya zauna a tsakiyar kalma kamar baƙo. Masu gaggawa sai su rubuta k kawai su wuce. Matashin ya zauna ya zana lanƙwasar da hannunsa ta dace da sauran haruffan. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma babba ne ga wanda sunan kasuwancinsa na Hausa ne. Kowa ya san tazarar da ke tsakanin "ƙafa" da "kafa", ko "ɗaki" da "daki". Mai zanen da ya ce a rubutunsa "muna rubuta ƙ da ɗ da ɓ daidai" ya faɗi abin da mai zane daga Legas ko wata ƙasa ba lallai ya kula da shi ba. Idan kuma kwastoman daga Maraɗi ko Damagaram yake, sai a tuna cewa a Nijar ana rubuta ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y, a tambaye shi wanne yake so.

Na uku launi ne. Hajiya tana son ruwan gwal. Ruwan gwal mai walƙiya da ake gani a fuskar waya haske ne ke yin sa. Injin buga takarda na yau da kullum yana haɗa tawada huɗu ne, kuma abin da zai fitar rawaya ce mai duhu, ba ta sheƙi. Gwal na gaske sai an yi bugu na musamman da takardar gwal, kuma kuɗinsa daban ne. Don haka matashin ya yi logon yadda zai tsaya da launi ɗaya tak, baƙi a kan fari ko fari a kan baƙi, ya zama ko a hatimi aka sassaƙa shi, ko a leda aka buga, ko aka ɗinka a jikin jaka, yana nan yadda yake. Ruwan gwal ya zama ƙari ga ranar da ta so.

Ba duka ukun za a zuba a rubutu da wannan tsawon ba. Za a matse kowanne ya zama jimla ɗaya. Abin lura shi ne kowace jimla tana ɗauke da abin da za a iya gani ko a auna: santimita biyu, harafin ƙ, launi ɗaya. Kwatanta wannan da irin rubutun da aka saba gani, wanda ke cewa launin shuɗi yana nuna aminci, da'ira tana nuna haɗin kai, layin da ya miƙe sama yana nuna cigaba. Irin wannan fassara kowa zai iya liƙa ta a kan kowane logo, kuma ɗan kasuwa ya san haka. Ba ta gaya masa ko sitikarsa za ta karantu ba.

Abin da aka miƙa

Sashe na gaba gajere ne amma yana kashe gardama tun kafin ta taso. Mutane da yawa sun ɗauka logo hoto ɗaya ne da za a turo musu ta WhatsApp. Shi ya sa idan aka faɗa musu farashi sai su ce ai akwai yaron da zai yi musu a waya da kuɗin kati. Idan ka lissafa abin da ka miƙa wa kwastoma, mai karatu zai gane da kansa cewa ba abu ɗaya ake magana a kai ba.

Fayil iri biyu ne a wannan sana'a. Akwai irin su JPG da PNG, waɗanda aka gina da ƙananan ɗigo. Suna da kyau a waya, amma idan aka ja su za a yi babban allo sai su dushe, gefensu ya yi kaca-kaca. Amfanin PNG shi ne yana iya zuwa ba tare da farin bango a bayansa ba, a ɗora shi a kan kowane hoto. Akwai kuma irin su SVG da AI da CDR, waɗanda aka gina da layuka da lissafi. Su ko an buɗa su sun kai girman bangon shago ba sa canzawa. Su ne mai buga allo da mai yanka sitika ke nema.

Amma a rubutun ƙasan hoto kada a tsaya a sunayen. A faɗi amfaninsu da harshen mai shago: wanda za ki sa a hoton WhatsApp, wanda za ki kai wa mai buga sitika, wanda za a yi allon shago da shi ba tare da ya dushe ba. Sunan fayil ɗin yana iya biyo baya don mai son sani.

Ƙofar shiga

Yanzu mun zo gayyata, wurin da mutane da yawa ke jin nauyi. Akwai kunya irin tamu da ke sa mutum ya ga kamar roƙo ne ya ce a zo a ba shi aiki. Ba roƙo ba ne. Mai shago a kasuwa yana cewa "Hajiya, shigo ki gani," ba wanda ya ce ya zubar da girma. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gayyata ita ce shimfiɗar fuskar rubutu.

Gayyata mai aiki tana da sharuɗɗa uku. Ta faɗi wanda ake gayyata, ta ba shi hanya ɗaya, ta gaya masa abin da zai turo. "A tuntuɓe mu domin ayyukanku" bai kira kowa ba. "Idan kina sayar da kaya a kwalba ko roba ko leda" ya kira mutum takamaimai. Hanya ɗaya kuwa, saboda idan ka jera lambobi uku da imel da shafuka huɗu, mai karatu zai tsaya tunanin wanne zai bi, kuma a cikin wannan tsayawar wani hoton ya ɗauke masa hankali. A wajenmu hanyar da ta fi sauƙi ita ce WhatsApp.

Akwai adireshin da ke buɗe hira da kai kai tsaye ba sai mutum ya ajiye lambarka ba. Ga yadda yake ga lambar Najeriya:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Logo
```

Ana cire sifirin farko na lambar, a sa 234 a gabanta, babu alamar tarawa, babu tazara. Ga lambar Nijar 227 ake sawa. Ɗan ƙarin da ke ƙarshe yana sa kalmar "Logo" ta fito a rubuce a akwatin saƙon mai tuntuɓar, sai dai ya aika kawai. A Facebook da WhatsApp, wannan adireshi yana buɗewa idan an taɓa shi. A rubutun ƙasan hoto na Instagram kuwa ba ya buɗewa, rubutu ne kawai. A can sai a sa shi a bayanin da ke saman shafinka, a ce wa mai karatu ya duba can, sannan a rubuta lambar a fili don mai son kwafa. Masu zane da yawa suna kwafo rubutu ɗaya su liƙa a ko'ina, ba su san cewa a Instagram ƙofar tasu a kulle take ba.

Sharaɗi na uku shi ne a gaya wa mutum abin da zai turo. Wanda bai taɓa sa a yi masa logo ba bai san ta inda zai fara ba, sai ya rubuta "Salam" ya yi shiru, kai ma ka amsa ka yi shiru. Idan ka ce ya turo sunan kasuwancinsa, da abin da yake sayarwa, da inda zai fi sa logon, ka ba shi abin faɗa, kuma ka samu rabin bayanin da kake buƙata tun a saƙon farko.

Maganar farashi

A nan masu sana'ar suka rabu biyu. Wasu ba sa faɗin farashi a fili, suna cewa kowane aiki da nauyinsa, kuma suna tsoron wani ya karya musu kasuwa. Suna da hujja. Amma ɓoye farashi gaba ɗaya yana da nasa hasarar. Mai ƙaramin jari zai ɗauka ka fi ƙarfinsa ya ƙi tambaya don kada ya ji kunya. Wanda kuma ke neman na kuɗin kati zai cinye maka awa guda ana hira kafin ku gane ba ku dace ba.

Matsakaiciyar hanya ita ce a faɗi inda farashi ya fara. Idan, alal misali, mafi ƙarancin abin da kake karɓa naira 30,000 ne, ka rubuta cewa aiki yana farawa daga nan. Ka ƙara da kwanakin da yake ɗauka, da sau nawa ake gyara kyauta, da kafin alƙalami. Waɗannan ukun su ne tushen yawancin rigimar mai zane da kwastoma. Wanda ya karanta "gyara sau biyu" tun a talla ba zai zo a karo na bakwai yana cewa a mayar da launin farko ba tare da ya san akwai ƙarin kuɗi ba. Abu ɗaya da ba a yi shi ne faɗin abin da wannan kwastomar ta biya. Sirrinta ne.

Ga rubutun gaba ɗaya, yadda matashin zai iya ɗora shi:

"Kwalbar humra ba ta fi tsawon yatsa ba. Ga logon da muka zana wa mai turare a Kano, ana karanta shi ko a kan murfi.

Hajiya ta zo da tunanin kasko da hayaƙi da fure. Muka buga gwaji a faɗin santimita 2, muka tsaya a kan layin hayaƙi ɗaya da ya zama harafin farko na sunanta. Harafin ƙ da hannu muka zana shi, don sunan ya karantu da Hausa daidai. Logon yana tsayawa da launi ɗaya, don haka ya dace da sitika, hatimi da leda.

Ta karɓi na sawa a WhatsApp, na kai wa mai buga sitika, da na allon shago wanda ba ya dushewa komai girmansa.

Idan kina sayar da kaya a kwalba, roba ko leda, turo mana sunan kasuwancinki, abin da kike sayarwa, da inda za ki fi sa logon. Aiki yana farawa daga N30,000, kwana 7, gyara sau 2, rabin kuɗi kafin a fara. Lambar WhatsApp tana saman shafi.

Mun gode, Hajiya, da amana. Allah Ya sa albarka a kasuwa."

Duka bai kai rabin abin da Instagram ya yarda a rubuta ba. An raba shi sakin layi biyar da tazara a tsakani, saboda dunƙulallen rubutu a ƙaramar waya yana gajiyar da ido. An yi wa mace magana saboda yawancin masu irin wannan sana'a mata ne. Da logon na shagon kayan gini ne, da "Alhaji" da "kana" za a yi amfani. A WhatsApp, inda abin da aka ɗora ke ɓacewa bayan awa 24 kuma mutane ke wucewa da sauri, layin farko da sakin gayyata kaɗai sun wadatar.

Amana kafin talla

Kafin a ɗora komai, akwai hakkin kwastoma. A nemi izininta, kuma a tambaye ta yaushe. Wataƙila ba ta buɗe sabon shagon ba tukuna, ko ba ta gama rajistar sunan a hukumar CAC ba. Idan ka riga ta fitar da suna da alama, wani zai iya ɗauka ya riga ta amfani da su, kai ne kuma sila. Wata kuma ba ta son a ambaci sunanta ko unguwarta, musamman matan aure masu sana'a a gida. Tambaya ɗaya ta WhatsApp ta raba wannan. Idan ta yarda a ambaci shafinta, riba biyu ce, domin masu bibiyarta za su ga aikinka, naka su ga kayanta.

Kada kuma a ci mutuncin tsohon logo. Ɗora na da da na yanzu gefe da gefe yana nuna aiki sosai, amma a bar hoton ya yi magana. Mai yiwuwa ɗanta ne ya yi mata na farkon, ko ita da kanta. Duk mai karanta yadda ka yi wa tsohon dariya zai tuna cewa shi ma nasa tsohon yana nan.

Sai gaskiya game da abin da ake nunawa. Hotunan da ake ɗora logo a jikin gilashin babban ofis ko gefen mota hotunan gwaji ne da ake saukewa a intanet. Ba laifi a yi amfani da su, amma kada rubutu ya sa a ɗauka an yi allon da gaske. Hoton kwalbar Hajiya ta ainihi da sitikar a jiki, ko da a waya aka ɗauka kusa da taga, ya fi gilashin ofishin da ba nata ba jawo mai turare. Haka nan idan aikin na koyo ne, ba wanda ya sa ka, ka faɗa. Idan kuma ka haɗa logon ne da zanen da ke cikin rumbun Canva, ka sani cewa ƙa'idar kamfanin ba ta yarda a yi rajistar irin wannan a matsayin alamar kasuwanci ta mutum shi kaɗai ba, tunda kowa na iya ɗaukar zanen. Rubuta "zane na musamman" a ƙasan irin wannan aiki yaudara ce, kuma ranar da kwastoma ya ga alamarsa a jikin kayan wani, sunanka ne zai ɓaci.

Yadda za ka gane ya yi aiki

Yawan masu danna alamar so ba shi ne ma'auni ba. Duba su waye suka yi magana. Idan duk masu yabon abokan sana'a ne, rubutun ya koma wajen masu zane, sai a cire sunayen manhaja a ƙara maganar kasuwa. Idan mutane suna ta tambayar "nawa ne" a ƙasa, gayyatar ba ta faɗi farashi ba, ko an binne shi inda ba a gani. Idan saƙonni suna zuwa amma duk "Salam" ne kawai, ba a gaya musu abin da za su turo ba. Idan suna zuwa amma suna gudu da jin kuɗi, ba a bayyana abin da ake miƙawa ba, har yanzu suna ganin hoto ɗaya ne. Idan kuwa an gani da yawa amma babu saƙo ko ɗaya, fara da taɓa adireshin naka da wayar wani, ka tabbata yana buɗewa. Sau da yawa sifirin da aka manta ba a cire ba ne ya tare hanya.

Wanda ya mai da shafinsa na Instagram na sana'a yana iya ganin mutum nawa suka ajiye hoton, nawa suka tura wa wani, nawa suka shiga shafinsa daga nan. Turawa ta fi so daraja, domin wadda ta tura wa ƙawarta mai sayar da zuma ta yi maka tallan da ba ka biya ba. Kalmar da ka sa a ƙarshen adireshin WhatsApp ma ma'auni ce. Ka sa "Turare" a wannan aikin, ka sa "Makaranta" a na gaba, bayan wata guda ka ƙirga wacce ta fi shigowa. A nan za ka san irin kasuwar da ke jin maganarka, ka ƙara nuna mata ayyuka. Alamomin # kuwa, uku zuwa biyar masu sunan gari da irin sana'ar sun fi tsibin da ba wanda ke karantawa.

Saura abu ɗaya, wanda yake bayan rubutu amma shi ke cika shi. Wanda ya ce a turo saƙo, to ya amsa. Matar da ta karanta labarin kwalbar humra, ta duba robobin yajinta, ta yi ƙarfin hali ta rubuto sunan kasuwancinta da abin da take sayarwa, ta riga ta yi nata. Idan ta kwana biyu ba amsa, za ta tambayi ƙawarta wa ya yi mata nata. Idan kuwa ta samu amsa a ranar, da tambaya ɗaya mai nuna an karanta saƙonta, kamar "Hajiya, murfin robar taki faɗinsa nawa ne?", to aiki na gaba ya riga ya fara.